Matatar Bloom: ku auna ta kafin ku dora mata kaya

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a nan Sakkwato, kuskure biyu na tafka da matatar Bloom lokacin da na fara aiki da ita. Na farko, na zuba mata abubuwa fiye da yawan da na auna ta a kai. Na biyu, na ɗauki "e" ɗinta tamkar hukuncin ƙarshe. Duka biyun lissafi kaɗan ne ke hana su, shi ya sa nake son mu bi lissafin tare.

Burton Bloom ne ya fito da dabarar a 1970. Jerin gurabe ne guda m, kowane gurbi bit ɗaya, duk suna farawa da 0. Idan za a saka abu, sai a bi da shi ta ayyukan hash guda k, kowanne ya nuna gurbi ɗaya, a mayar da gurbin 1. Idan ana tambaya ko an taɓa saka wani abu, gurabensa k ake dubawa. In an tarar da ko da ɗaya yana 0, babu shakka ba a taɓa saka abin ba. In duk suna 1, amsar ita ce wataƙila, domin ta yiwu wasu abubuwa daban ne suka kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce e ta ƙarya. Matatar ba ta ajiye abin da kansa, sawunsa kawai take riƙewa.

A ce wata ƙungiyar manoman albasa tana rabon taki, tana son wakilanta a Goronyo da Wurno su gane lambar wayar da ta riga ta karɓa, ko da sabis ya ɗauke. Ana sa ran lambobi 200,000. Wannan shi ne n. An yarda matatar ta yi kuskure sau ɗaya cikin ɗari, wato p daidai da 0.01. Daga waɗannan biyun ake fitar da sauran:

```
m = -n * ln(p) / (ln 2)^2
k = (m / n) * ln 2
p ≈ (1 - e^(-k*n/m))^k
```

Layin farko ya ba mu gurabe kusan 1,917,000, wato bit 9.6 ga kowace lamba. A raba da takwas, ya zama kilobayit 240 ko kusa da haka, abin da ƙaramar waya za ta sauke ko da sabis mai rauni ne. Layi na biyu ya ba da 6.6, sai a ɗauki 7. Abin da ya kamata ku haddace shi ne farashin: duk lokacin da kuke son rage kuskure ninki goma, bit 4.8 kawai za ku ƙara wa kowane abu. Ɗaya cikin dubu yana cin bit 14.4 da k goma, wato kilobayit 360 a misalinmu. A ganina rowar gurabe ba ta da riba, tunda araha suke.

Game da k, mutane da yawa suna zaton ƙara yawan hash ƙara tsaro ne. Ba haka ba ne. Kowane hash yana ƙara gurbin da dole a tarar a kunne kafin a ce e, amma kuma yana ƙara guraben da kowane sabon abu ke kunnawa. A matatarmu, k biyu yana ba da kuskure kusan kashi 3.5 cikin ɗari, k biyar kashi 1.1, k bakwai kashi 1, k ashirin kuma ya haye zuwa kashi 7. Ku lura biyar da bakwai kusan ɗaya suke, don haka in wayar ba ta da ƙarfi, sauka zuwa biyar ba asara ba ce. Ba kuma sai kun nemo hash bakwai daban-daban ba. Kirsch da Mitzenmacher sun nuna a 2006 cewa biyu sun wadatar: gurbi na i shi ne `(h1 + i*h2) % m`.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne n. Alkawarin kashi ɗaya yana nan ne muddin ba a wuce 200,000 ba. Rabo ya yi albarka, an shigo da wasu ƙananan hukumomi, lambobi sun kai 300,000: kuskure ya zama kusan kashi 6. A 400,000 ya kai kashi 16. A 600,000 ya doshi kashi 44, kusan duk manomi biyu sababbi ɗaya za a ce ya riga ya karɓa. Abin da ke da haɗari shi ne manhajar ba za ta tsaya ba, ba za ta fitar da saƙon matsala ba. Tana ta karɓa, tana ta amsawa, sai dai a ji ƙorafi daga bakin wakilai.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ku ƙirga guraben da ke 1, ku raba da m. Matatar da aka auna daidai, idan ta kai adadinta, kusan rabin gurabenta ne a kunne. Tamu kashi 52 ne a 200,000, kashi 77 a 400,000. Wannan kason, in aka ninka shi da kansa sau k, shi ne kuskuren da kuke ciki a yau. Ku sa manhajar ta riƙa rubuta shi kullum, ta yi gargaɗi da zarar ya wuce kashi 55. Ku kuma gwada da hannu: ku ƙirƙiri lambobi 100,000 da kuka tabbata ba a saka ba, ku tambaya. Ya kamata e ta fito kusan sau dubu. In ta fi haka nesa ba kusa ba alhali rabin gurabe ne a kunne, hash ɗinku ne ba ya watsa abubuwa da kyau.

Idan ta cika, ba a faɗaɗa ta, domin canza m yana canza gurbin kowane abu, ga shi abubuwan ba sa cikinta. Sai dai a koma rumbun bayanai a gina sabuwa, saboda haka kada ku taɓa zubar da jerin asali. Goge abu ɗaya ma bai yiwuwa, don mayar da gurbi 0 yana share sawun wasu lambobin da ke tarayya a kansa. Mafita ita ce a auna da n na shekara biyu ko uku masu zuwa. Ta 600,000 kilobayit 720 ce kawai.

Yanzu batun "e". A ce a rana guda an duba sababbin lambobi 50,000 da kuma 1,000 da suka riga suka karɓa. Kashi ɗaya na 50,000 mutum 500 ne. Ke nan matatar za ta ce e sau 1,500, kuma ɗaya cikin uku ƙarya ne, duk da tana aiki daidai yadda aka tsara. In wakili ya dogara da wannan ya sallami mutane, manoma 500 sun taso daga ƙauyukansu, sun biya kuɗin mota, sun koma hannu rabbana ba da laifinsu ba. Tsarin da ya dace shi ne "a'a" ta wuce kai tsaye, "e" kuma a tura ta rumbun bayanai a tabbatar, ko a rubuta sunan mutum a jira sabis ya dawo. Da wannan ake zaɓen p tun farko: ku ninka shi da yawan tambayoyin rana, ku ga ko za ku iya tabbatar da adadin da ya fito.

"A'a" ɗin ma tana da sharaɗi. Lambar da aka saka da 0803 a gaba, aka zo tambaya da +234803, abubuwa biyu ne a wurin hash, sai a ce wanda ya karɓa bai karɓa ba. Ku mayar da kowace lamba siffa ɗaya kafin sakawa da kafin tambaya. Masu Python kuma ku guji `hash()` a kan rubutu, domin amsarsa tana canzawa duk lokacin da aka sake tayar da shirin, matatar da kuka ajiye jiya ba za ta karantu yau ba. Ku yi amfani da MurmurHash3 ko xxHash, ku ajiye m da k da sunan hash ɗin a cikin fayil ɗaya da matatar.