Kalmomin Latin huɗu cikin kwantaran aya na kawuna

Duk ɗan kasuwar Maraɗi da ke kai kaya Najeriya, wata rana sai an miƙo mishi takarda da Ingilishi an ce shi sa hannu. Ni aikina ke nan a gefe, karanta ma ƴan uwa irin takardun ga, tunda na yi lakkwal nan gida da Faransanci, na kuma ƙaro karatu Katsina. Abin da na gano shi ne ba Ingilishin ne ke tuntuɓe da mutane ba, wasu ƴan gajerun kalmomi ne na Latin da lauyoyi ke cusawa tsakiyar jimla, ko mai jin Turancin sai shi tsallake su kamar ado ne, alhali nan kuɗin ke kwance.

Kawuna ya samu wani kamfani na Kano da ke son aya buhu 300, a kai cikin kwana 15, in an yi latti ana cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin ko wane sati. Sai ga wani layi ƙasa da ke cewa jinkiri a kan iyaka ba zai zama, per se, karya alkawari ba. Wani yaro da ya fara karanta mishi ya ce ai shi ke nan, an yafe lattin boda. Kawu har ya fara murna, dan duk mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san kamiyo na iya kwana da kwanaki yana jiran duwan. Na ce Kawu ku dakata. Per se na nufin shi kaɗai, a karan kanshi. Ke nan tsayuwar mota a iyaka ita kaɗai ba laifi ba ce, amma in an haɗa ta da wani abu tana iya zama laifi, kuma takardar ba ta faɗi mi ne ne wani abun ba. In motar ta tsaya dan takardun duwan ɗinku ba su cika ba, ko kun loda a kwana na 14, ko ba ku sanar da su ba, za su ce ai ba jinkirin kaɗai ba ne, akwai sakaci, su cire kashi biyun su. Ya ce to ɗana ƙaƙa za a yi? Munka roƙi a ƙara layi guda, cewa in an rufe iyaka ko duwan ta riƙe mota, kuma anka sanar da su a rubuce cikin kwana 2, to kwanakin nan ba a lissafa su. Wanda ya ga yadda iyakar nan ta rufe a 2019, ta sake rufewa a 2023, ba sai an yi mishi dogon bayani ba. Mu ƴan Faransanci wagga kalma ta fi cin mu dan da wuya ka gan ta cikin takardun mu, a na Najeriya kuwa ta yi yawa, har ƴan siyasa na ɓuya bayanta a jarida, mutum shi ce ba ya adawa da dokar per se, ka san akwai amma tana tafe.

Status quo kam kowa ya saba jin ta a labarai, ana fassara ta da a bar komi yadda yake. A Faransanci statu quo ake rubutawa, babu s na ƙarshe, abu guda ne. Kwantaran ya ce in rigima ta taso ɓangarorin biyu za su riƙe status quo har a warware. Yana da daɗin ji, kamar zaman lafiya. Amma yadda yake yaushe? A ce aya ta riga ta shiga mangazar su can Kano, sun biya rabi, sai sunka ce buhu 40 na da tsakuwa. In an bar komi yadda yake ranar da rigima ta fara, ayar na hannun su, sauran kuɗin ma na hannun su, Kawu ba shi da ikon kwashe kayan shi kuma ba shi da kuɗi, ga manoman da ya ɗauko bashin ayar su suna zarya ƙofar gida. Wanda ke riƙe da kaya shi ke cin ribar status quo, kullum, shi ya sa in na ji a rediyo kotu ta ce a tsaya a status quo abu na farko da nake tambaya shi ne wa ke zaune bisa kujerar ko filin a ranar. Akwai ƙanwar ta, status quo ante, wato a koma yadda ake kafin abin shi faru, kuma ita tana iya juya lissafin gaba ɗai, mai kaya shi karɓi kayan shi, mai kuɗi kuɗin shi. Mu dai abin da munka sa a rubuta shi ne buhunan da ba gardama a kansu a biya su nan take, tsayawar ta shafi waɗanda ake jayayya a kai kaɗai, kuma kar ta wuce kwana 30.

To wa zai raba gardamar? Takarda ta ce masu sasanci ad hoc. Ma'anar ta domin wannan kaɗai, abin da anka kafa dan aiki guda, in ya ƙare a watse. Irin ma'aikatan da hukumar zaɓen Najeriya ke ɗauka lokacin zaɓe, ko shari'ar Nijar da Benin kan tsibirin Lete a kotun duniya ta La Haye, wadda anka yanke a 2005, inda ko wace ƙasa ta zaɓi alƙalin ta ad hoc na wannan shari'a kaɗai. A hirar gari mutane na faɗin ta da nufin abin da anka yi a gaggauce ba shiri, a kwantara ba haka take ba. Tana nufin ba wata cibiya tsayayya, kamar kotun Abijan ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokar kasuwancin Nijar da ta wasu ƙasashen Afirka wuri guda, da za ta tafiyar da sasancin, ku ne za ku naɗa mutanen ku. Najeriya ma ba ta cikin OHADA, dan haka kar ka ɗauka dokar kasuwancin da ka saba da ita nan za ta bi ka Kano. Ni ad hoc ɗin bai dame ni ba, ya fi arha kuma ya yi kama da yadda dattawan kasuwa ke yi tun da. Matsalar takardar ba ta ce mutum nawa ba, ba ta ce wane gari ba, ba ta ce mi za a yi in ɗaya ya ƙi naɗa nashi ba, wanda kuwa kaya ke hannun shi ba ya gaggawa. Anka gyara: mutum 3, kowa shi kawo guda, biyun su zaɓi na ukku, a zauna Katsina tunda ita ce tsakiya.

Bona fide ba ta ba mu wahala ba, ita ce de bonne foi ta takardun mu, da zuciya ɗaya ba ha'inci, ko kuma na gaske ba na bogi ba. Sun ce za su biya wakilin Kawu na bona fide, sai na ce a rubuta sunan shi da lambar katin shi a wuce wurin, dan zuciya ɗaya ba a ganin ta, takarda ake gani. Haka ma mai sayen moto a kasuwa, in ta fito ta sata ce, ba rantsuwa komisariya za ta duba ba, za a tambayi resi da kart giriz da farashin da ya biya, wanda ya sayi moto rabin kuɗin ta ba takarda zai sha wuya kafin a yarda bai sani ba.

Kamfanin ya yarda da gyara ukku, ya ƙi na kwana 30, ya ce 45. Kawu ya ce a bar musu, ya sa hannu.