Numfashin katun da ke tsaye: yadda muke yin shi a shagonmu

A shagonmu nan Maradi aikin katun muke yi, tallace-tallace na ƴan kasuwa da ƙananan bidiyo na faɗakarwa, wani lokaci kuma mutum-mutumi na wasan waya, duk a manhajar Blender muke yin su. Cikin aikin ga duka babu inda muka fi shan ciniki da masu kawo aiki kamar wurin da katun ke tsaye ba ya komi. Sai ka ji an ce "Malam ai wanga ba ya motsi, mi zan biya a nan?" To Alhaji yana motsi mana, numfashi yake, kuma da na cire numfashin kai da kanka za ka ce an sa maka gunki cikin talla. Gudu da tsalle sun fi sauƙin ɓoye kuskure saboda ido bai samun lokacin dubawa, amma mutum in yana tsaye yana jiran a yi mishi magana, ido na kanshi ɗungurungum.

Bari in ɗauki aiki guda da muka yi, wani tsoho mai saida aya da gyaɗa, yana tsaye bakin rumfa da babbar riga da hula, murya na bayani a kan kaya shi kuma yana kallon mai kallo.

Kafin a taɓa ƙashi ko ɗaya na ƙwarangwal ɗin da ake motsa katun da shi sai an yanke tsawon numfashin. Babban mutum da ke hutawa yana numfashi kamar sau 12 zuwa 20 a minti, ni ga tsoho mai natsuwa nakan ɗauki 15, wato sakan 4 kowane numfashi, a firam 24 cikin sakan, wato hotuna 24 a jere, ya zama firam 96 ke nan. Kuma ba rabawa biyu ake yi ba. Shaƙa ta fi fitarwa sauri, bayan fitarwa kuma akwai ɗan tsayawa kafin a sake ja. Don haka ƙirji na ƙasa a firam 1, ya cika a 37, ya sauka a 85, ya ɗan huta har 97. Firam 97 ɗin kwafin firam 1 ne daidai, amma ana kunnawa daga 1 zuwa 96 kawai, in ka bar 97 ciki hoto guda zai fito sau biyu a jere, ka riƙa ganin ɗan tuntuɓe duk zagaye.

Wanga ɗan tsayawa na ƙarshe ba a bidiyon koyarwa na fara gane shi ba. Lokacin da nike koyo, ina zuwa sibar da dare ina sauke darussa a kile don rana layi bai ja, da azahar kuma in zauna zaure wurin babana in ya kishingiɗa bayan salla. Sai na riƙa kallon rigarshi. Ciki ke fara tasowa, sannan ƙirji, kafaɗa ta biyo daga baya kaɗan-kaɗan, hannun da ke kan cinya shi ne na ƙarshe, kusan ma ba ya motsi. In iskar ta fita sai komi ya lafa na ɗan lokaci har ka ce ya manta da numfashin, sannan ya sake. Har yau yaran da ke koyo wurina abin da nike fara sa su ke nan, su kalli mutum mai barci kafin su taɓa kwamfuta.

To a kan tsohon, da ƙashin ƙirji, `chest`, na fara shi kaɗai, haka sunanshi yake don rig ɗin, wato ƙwarangwal ɗin, na Rigify ne, abin haɗa rig na Blender. Juyawa baya digiri 2 lokacin shaƙa, shi ke nan. Na san a ido kamar ba komi, amma daga ƙirji zuwa saman hula akwai nisa, digiri 2 a ƙasa ya isa ya kaɗa hula a sama. In ka kai 5 ko 6 tsohon ya zama wanda ya sha gudu yana haki. Sai kafaɗu su ɗan ɗaga, damtse ya ɗan buɗe daga jiki kamar digiri 1 don haƙarƙari na faɗaɗa yana ture shi, duk a kan firam ɗin nan huɗu na farko. A wannan matakin komi na tashi tare yana sauka tare, kuma nan ne masu aikin arha ke tsayawa. Wasu ma ko nan ba su kai, jikin gaba ɗaya suke kumburawa da `S` su sace shi, har kai da hannuwa na girma suna ragewa, su karɓi ƴan jikkuna su tahi, gobe mai kaya ya zo yana ce mini wane ya yi mishi a rabin kuɗina.

Abin da ke sa rai cikin aikin shi ne kowace gaɓa ta samu nata lokacin. Cikin `Graph Editor`, inda motsin kowane ƙashi ke fitowa kamar layi, ina zaɓar duk layukan, in danna `Shift+E` in zaɓi `Make Cyclic (F-Modifier)`. Wannan dole ne a fara yi, don shi ke sa layin ya maimaita kanshi gaba da baya ba iyaka, in ka tura shi gefe ba ya barin rami a farkon zagaye. Daga nan sai turawa. Ƙirji na nan inda yake, shi ne jagora. Kafaɗu in zaɓe su in buga `G X 4`, sun makara da firam 4. Damtse firam 7, sangalin hannu 10, tafin hannu 12. Nauyi ne ke tahiya daga tsakiyar jiki zuwa gefe, kamar raƙumi in ya tashi, gangar jiki ta riga ta miƙe kayan da ke rataye na biyowa daga baya. Hannun hagu kuma ban barin shi daidai da na dama, ina ƙara mishi firam 2 in rage girman motsin kaɗan, don ba mutumin da hannuwanshi biyu ke tahiya kamar an auna da ma'auni.

Akwai wani abu da yawancin masu koyo ba su lura da shi, kuma shi ne ke raba gwani da mai kwaikwayo. Ƙashin hannu da na wuya rataye suke ga ƙirji, duk abin da ƙirji ya yi suna gadonshi nan take, ba jinkiri ko na firam ɗaya. Ke nan tura kifiram ɗin hannu baya, wato firam ɗin da ka ajiye motsinshi a kai, bai hana hannun bin ƙirji ba, naka motsin da ka ƙara kawai ya jinkirta. In kana so a ga hannu ya makara da gaske sai ka ba shi ɗan juyi kishiyar na ƙirji a farkon shaƙa, kamar ya ƙi tashi, sannan ya saki ya bi. Shi ya sa hannuwa ke zama a FK wurin wanga aiki, wato kowace gaɓa na bin wadda take rataye gare ta. In suna IK, inda tafin hannu ke jan sauran gaɓoɓin, tafin hannu na kafe a iska, jiki na motsi gwiwar hannu na lanƙwashewa ita kaɗai, abin babu kyan gani. Ƙafafu ne ake bari a IK don kada su zame a ƙasa.

Kai ya fi komi wuya. In `Head Follow` na kan 1, ƙirji in ya koma baya digiri 2 fuska ma ta ɗaga sama digiri 2, tsohon sai ya riƙa kallon rufin rumfa yana dawowa. Mutum na gaske ba ya haka, idonshi na riƙe da abin da yake kallo, wuya na gyarawa ba tare da ya sani ba. Don haka na ba `head` juyi gaba kamar digiri 1 da rabi, ya cinye yawancin na ƙirji amma ba duka ba, sannan na jinkirta shi firam 6. Abin da ya fito shi ne haɓa na ɗan ɗagawa a farkon shaƙa, ta dawo ta daidaita, in iska ta fita kuma kai ya ɗan sunkuya bayan ƙirji ya riga ya sauka. Wallahi wannan ɗan sunkuyawa na firam shida shi ke sa ka ji tsohon ya gaji da zaman kasuwa.

Yadda nike gane ko ya yi, ina zaɓar `head` da tafin hannu in sa `Motion Paths`, mai zana hanyar da gaɓa ke bi, in danna `Calculate` in zaɓi `Tails` a `Bake Location`. In layin da ya fito miƙaƙƙe ne, zuwa da dawowa kan hanya guda, to gaɓoɓin na tahiya tare, ba a yi komi ba tukuna. In ya fito ɗan siririn zobe, hanyar zuwa daban ta dawowa daban, an samu. In kuwa zoben ya yi faɗi ƙwarai jinkirin ya wuce kima, za ka ga mutum kamar yana cikin ruwa, hannuwa na lilo ba ƙashi. A zagaye mai firam 96 ni ban cika wuce firam 12 zuwa 14 ba ko a yatsu. Kuma ina turawa waya in kalla, don masu kallon tallanmu a waya suke gani, motsin da ya yi daidai a babban allo yakan ɓace a ƙarami.

A kan tsohon nan babbar riga ta kawo nata. Ta rufe ƙirji ruf, motsin da na yi a ƙasa ba a ganin rabinshi, sai na ƙara ɗagawar kafaɗa kaɗan na sa ƙasusuwa biyu a hannun rigar kowane gefe, su kuma sun makara da firam 14. Ƙiftawar ido kuma ban sa ta cikin zagayen ba sam. In ido na ƙiftawa duk sakan 4 daidai, kafin zagaye na uku mai kallo ya gane maimaici ne, don haka tana kan nata layi daban cikin `Nonlinear Animation`, tazararta ba daidai ba.

Mai ayar da ya zo gani ya ce "to Malam ina aikin yake?" Na kunna mishi biyu gefe da gefe, wanda komi ke tashi tare da wanda muka gama, ban ce komi ba. Ya nuna na biyun ya ce wannan ne zai sa, amma fa sai na rage mishi. Ban rage ba. Wanda zai kai irin wanga aiki cikin wasan waya kuma, mukan yi mishi `Bake Action`, wato gasa motsin a rubuta shi a kowane firam, daga 1 zuwa 97 kafin mu ba shi fayil, saboda kifiram ɗin da muka tura sun fita daga iyakar zagayen, in ba a gasa su ba can cikin manhajar haɗa wasa irin Godot ko Unity sai ka ishe hannu na fizga duk lokacin da numfashi ya koma farko.