Yadda na haɗa ɗan littafin furogiram na bikin yaye ɗalibanmu

Bana ni aka ɗora wa haɗa ɗan littafin nan da ake raba wa baƙi ranar bikin yaye 'yan aji shida a makarantarmu, wai tunda na ɗan iya kwamfuta. To ashe aikin ma ba a kwamfuta yake farawa ba.

Mai wurin buga takardu ne ya fara tambayata shafi nawa, na ce goma, ya ce Malam goma ba ta yiwuwa, ko takwas ko sha biyu. Dalili kuwa takardar A4 ɗaya in ka ninke ta biyu shafi huɗu na A5 take bayarwa, shi ya sa dole adadin ya rabu da huɗu, in ba haka ba sai ka ga fararen shafuka a ƙarshe. Na zaɓi 12, wato takarda uku. Na ninke fararen takardu uku na cusa su cikin juna, na bi da biro ina sa lamba, da na ware su sai ga yadda suke zama: ta waje 12 da 1 a fuska ɗaya, bayanta 2 da 11, ta biyu 10 da 3, bayanta 4 da 9, ta ciki 8 da 5, bayanta 6 da 7. Shafi na 6 da 7 su kaɗai ne suke zaune kusa da juna a takarda ɗaya, kuma nan littafin yake buɗewa da kansa saboda wajen fil ne, don haka nan na zuba jadawalin taron gaba ɗaya, kowa ya buɗe ya gani ba sai ya yi ta lalube ba.

A Word ba sai ka jera wannan da hannu ba, ka shiga Layout, Margins, Custom Margins, a wajen Multiple pages ka zaɓi Book fold, ka yi rubutunka daga shafi na 1 har 12 a jere. Wajen bugawa gaba da baya kuma Flip pages on short edge ake zaɓa, in ka kuskure bayan zai fito kai a ƙasa.

Jadawalin shi ya fi cin rai wallahi. Kowane malami yana so a sa wasan ajinsa, furinsifal yana so jawabai su zo a gaba. Ni kuma daga azahar na fara lissafi, na komo baya, don na san da an kira salla rabin rumfa ta watse kuma ba kowa zai dawo ba. Sai muka tsara haka, buɗewa da addu'a da karatun Alƙur'ani, taken ƙasa, jawabin maraba, wasa ɗaya na yara, sai raba shahada da kyaututtuka a tsakiya tun iyaye ba su gaji ba tunda abin da ya kawo su kenan, sannan jawabin babban baƙo, jawabin bankwana na ɗalibai, godiya, addu'ar rufewa. Na tura babban baƙo can gaba da gangan, kun dai san manyanmu da zuwa a makare, in ka sa shi na uku kowa sai ya zauna jiransa. Kuma ban rubuta lokaci a gaban kowane abu ba, lamba kawai na sa da sunan mai gabatarwa, lokacin farawa ƙarfe 10 da na tashi su kaɗai na rubuta. Mai gabatar da taro shi na ba takarda daban mai mintuna.

Taken ƙasa ma a lura, an koma tsohon taken ne a watan Mayun 2024, masu kwafa daga furogiram ɗin shekarun baya sai su ɗauko wanda aka daina. Na sa shi a cikin bangon gaba.

Sunayen ɗalibai suka ci shafi 8 zuwa 10, kuma na jera su daidai yadda za a kira su a fili, aka tsayar da yaran a layi da wannan jerin ranar gwaji. Kafin a buga na fitar da kwafi na ba malaman aji, kowane yaro ya duba sunansa ya sa hannu, don Muhammad da Mohammed da Muhammadu uba ba ya ɗaukarsu abu ɗaya, balle a manta wa baƙo Alhaji ko sarautarsa.

Da PDF na kai wajen bugu, don in ka kai fayil ɗin Word kwamfutarsu ba ta da irin rubutunka, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma 'yan akwatuna, layuka su zame zuwa wani shafi. Ciki farar takarda mai nauyin giram 80, bango kati mai ɗan kauri. Na sa ya buga guda ɗaya tak ya ninke ya sa fil, na karanta tun daga bango har bango a tsaye a shagon, sannan na ce ya saki sauran.