Yadda rubutun ƙasan bidiyo ya gudu ya bar magana a baya

Wani abokin aikina da ke tace fim a Zoo Road ya kawo mini gajeren shiri a kan marinar Ƙofar Mata, tare da fayil ɗin sabtaitul na Hausa, wato rubutun nan da ke fitowa a ƙasan bidiyo. Fayil ɗin nau'in SRT ne, shafin da za a ɗora shirin kuwa nau'in VTT yake karɓa. Ya ce, "Malam, juyawa kawai za ka yi, aikin minti biyar ne."

Juyawar kam da manhajar ffmpeg ba ta kai minti ɗaya ba:

```
ffmpeg -i marina.srt marina.vtt
```

Bambancin nau'in biyu kaɗan ne. VTT yana farawa da kalmar WEBVTT a layin farko, kuma inda SRT ke rubuta 00:00:20,000 da waƙafi, shi da ɗigo yake rubutawa. Sai da na kunna bidiyon aikin ya fara.

Rubutu yana riga magana fitowa. Na buɗe manhajar kunna bidiyo ta VLC ina danna H don in jinkirta shi, kowane dannawa milisakan 50. Farko ya daidaita, na ji daɗi. Ina kaiwa minti na goma sai na tarar rubutun ya sake tserewa da kusan sakan 25. A nan na ɓata awa guda ina gyara tsakiya farko yana lalacewa.

Abin da ya kamata in fara yi tun farko shi ne awo a wuri biyu. Layin farko a fayil yana 00:00:20, a bidiyo ana faɗinsa a 00:00:29. Layin ƙarshe yana 00:47:10, a bidiyo sai 00:49:19. Da a ce tazarar ɗaya ce a farko da ƙarshe, da turawa ɗaya ta wadatar. Amma ga sakan 9 a farko, ga sakan 129 a ƙarshe, ashe tazarar girma take yi.

Sai na ɗauki biro. Tsakanin layin farko da na ƙarshe sakan 2810 ne a fayil, a bidiyo kuma 2930. Na raba na biyu da na farko, ya ba ni 1.0427. Idan ka raba 25 da 23.976 wannan adadin za ka samu. Ma'ana an jera rubutun ne a kan kwafi mai hoto 25 a sakan, daga baya aka fitar da wani kwafi mai 23.976 wanda ya ɗan fi tafiya a hankali. A awa guda irin wannan saɓanin yana kai minti biyu da rabi.

A manhajar gyaran sabtaitul ta Subtitle Edit na shiga Synchronization, na zaɓi Change frame rate, daga 25 zuwa 23.976, don in miƙe lokutan rubutun. Bayan haka sai ya rage sakan 8 cif a ko'ina, tsawon tambarin da aka ƙara a gaban shirin ke nan, na tura duka layukan da Adjust all times. Miƙewa ake fara yi kafin turawa, domin in ka fara turawa, sakan ɗin da ka ƙara su ma za su miƙe.

Haruffa masu lanƙwasa su ne suka fi taɓa mini rai. Mai rini yana cewa ƙarfi, allo yana nuna Æ™arfi, ɗaya ya koma É—aya. Wannan mai sauƙi ne, fayil ɗin lafiyayye ne a tsarin adana haruffa na UTF-8, wata manhaja ce ta karanta shi da wani tsarin daban, Windows-1252. A UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, sai aka karanta kowanne a matsayin harafi daban. Na sake buɗe na asali na zaɓi UTF-8, komai ya dawo. Idan kuma ɗan akwati ka gani a gurbin harafin, fayil bai yi laifi ba, salon rubutun ne ba shi da harafin. Ka sauya zuwa Noto Sans.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne alamar tambaya. A wani kwafi da abokin nawa ya taɓa adanawa a matsayin ANSI, ɗ da ɓ duk sun koma ?, domin wancan tsarin ba shi da gurbinsu. Ba abin da zai gaya maka ?ari ɗari ne ko ɓari, sai ka saurara da kunnenka. Allah ya taimake mu na asalin yana wayarsa. Yanzu kafin in taɓa kowane fayil sai na ajiye kwafinsa a gefe, sannan in nemi kalmar ƙofa a ciki in ga yadda ta fito.