Alamar tambaya guda ɗaya ta kusa haɗa ni da Yayana

Abin ya faru ne a kan kuɗin maganin Umma, tana da ciwon suga kuma duk ƙarshen wata ni da Yaya muke haɗa kuɗin, shi dubu 40 ni dubu 20. Wani wata can baya ya ɗan yi jinkiri, magani saura na kwana biyu, dama kuma mun ɗan yi sa-in-sa satin da ya wuce a kan maganar gyaran gida, to zuciya ba ta gama sauka ba. Wajen ƙarfe goma na dare na ɗau waya na rubuta mai a WhatsApp: Yaya ka tura kudin maganin Umma

Haka nan kawai, ba sallama ba komai. Ni a raina tambaya nake, wato ka riga ka tura ne ko tukuna. Wallahi ban lura ba sai daga baya cewa jimlar nan fuska uku gare ta. In ka ja "ka" ɗin ka ɗaga murya a ƙarshe tambaya ce, in ka ja shi ka sauke murya labari ne, kana cewa ai ya riga ya tura, in kuma ka gajarta shi ka yi ƙasa da shi to umarni ne tsagwaronsa. A baki ko yaro ba zai ruɗe ba, amma bokon da muke rubutawa ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa duk nauyin yake komawa kan ɗan ? ɗin nan da na ƙi sawa. Yaya umarni ya karanta, daga ƙanwarsa da ya goya.

Saƙon ya kwana da tik ɗaya, ma'ana ya bar wayata amma bai shiga tasa ba. Na san haka sarai amma duk da haka na kasa bacci, bayan asuba ya zama biyu, ya koma shuɗi, sannan shiru har azahar. Awa bakwai ɗin nan babu abin da ban saƙa ba, na ce ya gani ya share ni, na ce matarsa ce ta zuga shi, Allah ya yafe min don baiwar Allah ba ruwanta. Shuɗin tik yana nuna an buɗe hira ne kawai, ba ya gaya maka mutum na tuƙi ne ko yana gaban oga.

Da amsa ta zo kalma ɗaya ce: To.

Da ɗigonta. Mutumin da kullum Toh ƙanwata yake rubuto min ko Tooo in yana wasa, yau To da aya kamar an buga ƙofa. Ni kuma saboda ba na son tsawaita magana na tura mai 👍, nufina na gode an gama. Nan ne ma abin ya ƙara lalacewa, don a wajensa babban yatsa abin da yake tura wa yaran shagonsa ne in sun ce kaya sun iso. Ya tura kuɗin da yamma, alat ya shigo, amma kwana biyu ko gaisuwa babu tsakaninmu.

Rana ta uku na yi saƙon murya. Na farko minti huɗu ne, sai na saurara kafin in tura, na ji ina haki ina kawo maganar gyaran gida, na goge. Na tuna ma shi a 2x yake jin dogon saƙo, kuma a wannan gudun ko lallashi kake sai ya fito kamar faɗa, ga shi yana iya kunnawa a shago kowa na ji. Na biyu sakan 40 ne, na yi sallama, na tambayi iyali da kasuwa, na ce Yaya don Allah ka yi haƙuri, tambaya nake ranar nan ko ka tura, na maimaita jimlar da bakina yadda na nufa.

Ko minti goma ba a yi ba ya kira. Ya ce daren nan yana hanyar dawowa daga Legas caji ya ƙare, da ya kunna waya abin da ya fara gani kenan, ya yi ta juya shi yana cewa yaushe yarinyar nan ta fara ba ni oda. Ɗigon kuwa ya ce da gangan ya sa.

Yanzu in maganar kuɗi ce tsakanina da shi sallama nake farawa, in sa "ko" ko "shin" a jimlar, in sa ? ɗin ma a kai. Watan jiya na rubuta: Salam Yaya, ko ka samu ka tura na Umma kuwa? Ya amsa da Toh ƙanwata, bari in fito daga masallaci.