Batira biyu a jere, ɗaya na tafasa ɗaya na yunwa

'Yan uwa abokan koyo, yau dai aikin wutar sola na gidan nan na Mabera a Sakkwato ya zauna, alhamdu lillahi. Inbata ta kai asuba ba ta yi kuka ba, karon farko ke nan tun da aka kira ni.

Tsarin 24V ne. Batira biyu na ruwa, tubula, kowane 12V 200Ah, an haɗa su a jere. Fanel huɗu masu wat 300, da kwantirola mai kula da caji, irin MPPT. Batiran ba su shekara ba, amma ƙarfe ɗaya na dare inbata ta fara ƙara, jim kaɗan ta ɗauke. Mai gidan ya riga ya yanke hukunci, wai jabu aka sayar masa, sabbi zai saya. Batir ɗaya kuwa ya haura naira dubu 200. Na ce, "Alhaji, a ɗan dakata, kuɗin nan ba na zubarwa ba ne."

Abubuwan da kowa ke fara dubawa duk na bi su. Na wanke ƙurar fanel da sanyin safiya, na goge kawunan batir na ƙara ɗaurewa, na lissafa kayan da ake kunnawa da dare, ba su wuce kima ba. Da rana allon kwantirola na nuna 28.8V, ya shiga Absorption, matakin ƙarasa cika batir, ya sauka Float, matakin riƙe shi a cike, yadda ya dace. In ka tsaya ga allo sai ka rantse babu abin da ya samu tsarin. Dare na yi sai a koma gidan jiya. Wallahi abin ya ci mini rai.

Abin da ya tona asiri shi ne kan murfi. Kun san 'yan sandunan da ke nuna yawan ruwa. Na batir ɗaya duk sun nutse, na ɗayan kuwa suna tsaye kamar ranar da aka cika shi. Yaron gidan ya ce kullum guda ɗaya suke ƙara wa ruwa. Sai na ɗora mita a kan kowane shi kaɗai da tsakar rana, lokacin da caji ya kai ƙololuwa. Mai shan ruwan ya ba ni 15.5V, ɗayan 13.3V. Ku haɗa su, 28.8V cif. Kwantirola bai yi ƙarya ba, jimla kawai yake gani, bai san yadda aka raba ta ba. Shi kuwa 15.5V kullum dafa batir yake, ruwa ya yi ta fita a iska, farantan ciki su ci. 13.3V kuma ba zai taɓa cika batirin ruwa ba. Da dare, kaya na kunne, awon ya sauka: wanda ke tafasa yana 12.1V, ɗan uwansa ya faɗi 9.8V, shi ke jan jimlar ƙasa har inbata ta yanke.

To me ya raba su haka alhali rana ɗaya aka sayo su? Nan na fi daɗewa. Sai da na jawo batiran daga jikin bango na ga wata siririyar waya ɗaure a kan gadar da ke tsakaninsu, ta bi ta wani rami ta fita zuwa zaure. Wanda ya kafa tsarin, ko wani da ya biyo bayansa, ya ɗebi 12V daga batir ɗaya don fankar mai gadi da ƙwayaye biyu. Na auna, am biyu da rabi suke ja. In suka yi awa goma, 25Ah ke nan ke fita daga batir guda kowane dare, ban da abin da inbata ke ɗiba daga su biyun.

Ku lura da nan, don shi ne gaba ɗayan zancen. Batiran da ke jere, wuta ɗaya ce ke ratsa su. Duk am ɗin da ya shiga wannan, shi ya shiga wancan. Da safe ɗaya na bin bashin 25Ah fiye da ɗaya, amma caji daidai za a raba musu. Wanda ba a taɓa ba ya riga cika, ƙarfinsa ya haura, jimla ta kai inda aka saita, kwantirola ya sassauta. Mai bashin ya kwana da saura, gobe a ƙara masa. Batirin dalma kuma, irin waɗannan na ruwa, in ya daɗe bai cika ba, farin gishirin nan na salfet sai ya daskare a kan faranta, ya ƙi narkewa. Haidiromita, abin awon kaurin ruwan batir, ta tabbatar: 1.250 a mai cika, 1.170 a mai yunwa, kuma da rana ne bayan caji.

Zafin garin nan ya ƙara hura wutar. An ajiye su a wani ɗan sito mai rufin kwano, babu taga, bangon yamma ne. A watan Afrilu wurin ya kai digiri 40 ba tare da wata wahala ba. Alkaluman da ake rubutawa a jikin batir na digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka kusan rabin rayuwar batirin dalma yake ci. Abin haushi, 'yar wayar awon zafi da ta zo da kwantirolan na same ta a cikin kwali, ko ledarta ba a buɗe ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a rage milibolt 3 a kowane ɗakin batir, wato sel, kan kowane digirin da ya haura 25. Tsarin 24V ɗaki 12 gare shi. Digiri 15 sau 12 sau 3, kusan rabin bolt. Wato a wannan sito 28.3V ya dace, ba 28.8V ba. Amma in takardar batirinku ta faɗi nata adadin, ita za ku bi, kuma wannan lissafi ba na litiyam ba ne.

Gyaran bai da kwarjini. Na cire fanel tukuna sannan batir, mayarwa kuma batir ne farko. Na ware mai yunwar na sa masa caja ta 12V shi kaɗai har ya cika, sannan na ɗaga ta zuwa wajen 15.5V na wasu awanni, murafu a buɗe, ƙofa a buɗe, ina taɓa jikinsa, in ya ɗau zafi in dakata. Ruwan batir tatacce na ƙara, ba na leda ba, ba asid ba. Na yi ta awo har alkalamin ya daina hawa, ya tsaya 1.230. Bai koma sabo ba, kuma na gaya wa Alhaji haka, wani salfet ɗin ya riga ya zama dutse. Ya so ya sayo sabo ɗaya ya haɗa da mai lafiyar, na hana, don sabo da tsoho a jere wannan rigimar ce za ta dawo da wata fuska.

Wayar zaure kuma na cire ta daga tsakiya, na sa 'yar kwanbata mai sauke 24V zuwa 12V, am 10, da fis ɗinta, tana ɗiba daga batiran biyu daidai. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na batir guda ba. Mun dawo da batiran ɗaki mai iska a kan katako, na manna wayar zafin a gefen ɗaya. Awon tsakar ranar yau: 14.2V da 14.1V. Ni kam na ji daɗi ba kaɗan ba.

Saura sama. Fanel ɗin kwance suke a kan kwano, iska ba ta ratsa ƙarƙashinsu, an ɗaure da wayar ƙarfe, mahaɗansu kuma murɗa su aka yi aka naɗe da salatif maimakon filogin fanel na MC4. Fanel guda ɗaya ya fara yin tabo ruwan ƙasa daidai inda inuwar bututun tanki ke kwanciya da hantsi, ɗakin fanel ɗin da inuwa ta rufe shi ke ɗaukar zafi yana ƙonewa a hankali. Zan ɗaga su a kan ƙarfe da ratar taƙi guda, su kalli kudu da karkatar digiri 13 zuwa 15, nesa da tankin, kafin guguwar farkon damina. Wanda ya taɓa sa balansa, na'urar daidaita caji, tsakanin batira biyu irin waɗannan, don Allah ya faɗa mini ko ta riƙe, domin mai yunwar nan zai ci gaba da ja da baya, kuma ba kowane wata zan iya zuwa in ware shi ba.