Pero da perro: yadda nake koyar da r ta Sifaniyanci

Ƙaramar makarantar koyon harsuna nake da ita, kuma yawancin masu zuwa ajin Sifaniyanci 'yan kasuwa ne masu harka da Malabo, birnin Equatorial Guinea inda ake Sifaniyanci, sai 'yan ƙwallo masu burin fita. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne r da rr. Ni kuwa nakan ce musu Bahaushe ya riga ya zo da kayan aikin a bakinsa.

Hausa r biyu gare ta, rubutu ne bai raba su ba. Faɗi bara, yaron gida, sannan ka faɗi bara ta almajiri. A ta farko harshe yakan lanƙwashe baya, ya gogo ganɗa ya faɗo. A ta biyu kan harshe ne ke bugun hanƙa, bayan haƙoran sama. Sifaniyanci bai san ta farkon ba, ta biyun yake so.

Idan r ɗaya ce tsakanin wasula, bugu ɗaya tak za ka yi, kamar a tara ta ƙirga. Sai na sa ɗalibi ya ce tara, karatu, ya zarce kan pero da caro ba tare da ya ja numfashi ba. Rr kuma kaɗawa ce, bugu biyu ko uku, irin ta sharri. Sharri, perro. Sharri, carro. Ba wasa ba ne: pero "amma" ce, perro kuwa kare.

Inda muka fi daɗewa shi ne farkon kalma. Can r ɗaya ake rubutawa, amma kaɗa ta ake yi, haka ma bayan n, l da s, kamar a Enrique. Na taɓa rubuta rana a allo, ajin duk suka karanta ta kamar ranar da ke fitowa daga gabas. A Sifaniyanci kwaɗo ce, kuma sai an kaɗa. Maganinsa, a fara da riba da rubutu, a ja r ɗin, sannan a koma rana da rojo.

Wanda kaɗawar ta ƙi masa, galibi danne harshe yake da ƙarfi. Iska ce ke kaɗa shi, ba tsoka ba, don haka a sassauta. Waɗanda suka yi boko da Faransanci kuma daga maƙogwaro suke jawo ta. Da ka ji kurkura, ka san inda aka baro hanya.

Sai cusa wasali tsakanin baƙaƙe: tres ta zama "tires", yadda muka samu burodi daga bread ta Turanci. Wannan ba ya gyaruwa da wuri, sai an yi ta maimaitawa. Kafin a tashi, kowa sai ya ɗauki muryarsa a waya yana faɗin El perro de Rosa es caro, ya turo mini da dare in saurara.